Ɗumin da ƙullu ke so da wanda madara ke so

Duk mai soya fanke ta san halin hunturu. Fulawa ita ce ta jiya, yis shi ne na jiya, hannun da ya kwaɓa ma bai sake ba. Amma kwaɓin da yakan cika roba cikin awa ɗaya a watan Afrilu, sai ga shi a watan Janairu ya shafe awa uku yana kwance kamar an ɗora masa dutse. Wata ta ce yis ɗin ne ya kwana biyu, wata ta ce fulawar ce ba ta da kyau, wata kuma ta ƙara yis har fanken ya riƙa warinsa. Haka mai haɗa yogot a gida take fama. Ta rufe madara da daddare, da safe ta buɗe ta tarar da ruwa tsululu, ko kuwa ta tarar ta tsinke, gudaji a ƙasa ruwa a sama.

Mafi yawan lokaci laifin ba na kayan haɗi ba ne, na ɗumi ne. Kuma abin da ke rikita mutane shi ne kalmar ɗaya ce, ana cewa “a ajiye a wuri mai ɗumi”, alhali ɗumin iri biyu ne. Wanda ƙullu ke so daban, wanda madarar yogot ke so daban. Wanda ya raba su ya huta da asara mai yawa.

Masu rai ne ke aikin

Yis abu ne mai rai. Garin nan da muke saya a leda ƙananan halittu ne da aka busar, suna barci har sai sun sami ruwa. Da sun farka sai su shiga cin sukarin da ke cikin kwaɓi, suna fitar da iska. Iskar ce ke maƙalewa a cikin danƙon fulawa ta hura shi, mu kuma mu ce kwaɓi ya tashi.

A cikin madara ma masu rai ne ke aiki, amma wani jinsi ne dabam, wato bakteriya. Su suna cin sukarin madara ne su mayar da shi tsami. Idan tsamin ya kai wani matsayi, sai furotin ɗin madara ya haɗe jikinsa, ta yi kauri, ta kwanta. Yogot na zamani iri biyu ne na bakteriya ke haɗuwa su yi shi, suna taimakon juna. Ɗaya daga cikinsu wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar Bulgeriya mai suna Stamen Grigorov ne ya gano shi a 1905, shi ya sa har yau sunan ƙasar yake manne da sunan ƙwayar.

Tun da masu rai ne, kowannensu yana da yanayin da yake jin daɗi, da wanda yake kasala, da wanda yake mutuwa. Sanyi ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi. Zafi mai yawa kuwa kisa yake yi, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Saboda haka idan za a yi kuskure, gara a yi shi ta ɓangaren sanyi, domin wannan jira ne kawai maganinsa.

Kafin mu shiga lissafi, mu riƙe ma'auni guda a hannu. Jikin mutum mai lafiya yana da zafin digiri 37 a ma'aunin Selsiyos. Ƙullu yana son abin da bai kai zafin jiki ba. Madarar yogot tana son abin da ya ɗara zafin jiki kaɗan. Duk sauran bayanin a kan wannan yake tafiya.

Ƙullu: daga 25 zuwa 32

Kwaɓin fulawa, na burodi ne ko na fanke, funkaso ko alkubus, ya fi tashi da kyau idan zafin cikinsa yana tsakanin digiri 25 da 32. A nan yis yana aiki a natse, danƙon fulawa yana samun lokacin miƙewa, ɗanɗano yana zama. Da adadin yis na yau da kullum, kamar ƙaramin cokali biyu a rabin kilon fulawa, kwaɓi yakan ninka cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Idan zafi ya sauka, aikin yana ja da baya sosai. Masu gasa burodi suna ƙiyasta cewa duk saukar digiri 8 zuwa 10 tana kusan ninka lokacin jira. Kwaɓin da ya tashi cikin awa ɗaya a digiri 28 zai nemi kusan awa biyu a digiri 19. Daren hunturu a Kano ko Zariya yakan sauko ƙasa da digiri 15, a Jos ma ya fi haka sauka. To ka ga dalilin da kwaɓin Janairu ke kwanciya. A cikin firji kuwa, wajen digiri 4, yis yana motsi ne da ƙyar, shi ya sa ake iya kwana da kwaɓi a ciki ba tare da ya lalace ba.

Idan zafi ya hau, sai matsalar ta juye. Daga digiri 35 zuwa 38 yis yana gudu. Kwaɓi yana kumbura da sauri, amma danƙonsa yana saki, sukari yana ƙarewa da wuri, sai ka ji wani wari mai hawa kai kamar na tsimi. Irin wannan kwaɓin ne yake tashi ya faɗa, burodinsa ya fito fari ba ja, fankensa ya sha mai. Da an haye 45 yis ya fara jigata, a tsakanin 55 da 60 kuwa ya mutu. Wannan ita ce ɓarnar da ruwan zafi ke yi. Mace ta ga ana sanyi, ta ɗauko ruwan da bai daɗe da sauka daga wuta ba ta jiƙa yis, ta kashe shi tun kafin ya taɓa fulawa. Ruwan jiƙa yis kada ya wuce digiri 38 zuwa 40, wato wanda idan ka ɗiga a cikin tsintsiyar hannu za ka ji ɗumi kawai, ba zafi ba.

Akwai wani abu da masu gidan burodi suka sani wanda ya kamata ya shigo gidajenmu. Zafin da ke cikin kwaɓi ya fi zafin ɗaki muhimmanci, kuma ruwan kwaɓi ne linzaminsa. Kwaɓi abu ne mai nauyi, yana daɗewa bai sake yanayinsa ba. Idan aka kwaɓa shi da ruwan randa mai sanyi, ko an kai shi ɗaki mai ɗumi sai ya daɗe kafin tsakiyarsa ta ji.

Ga yadda suke lissafi. A ce kana son kwaɓi ya fito da digiri 27. Ka ninka 27 sau uku, ya ba ka 81. Daga ciki ka cire zafin fulawa, ka cire zafin ɗaki, ka cire kamar 3 na ɗumin da murzawa da hannu ke ƙarawa. Abin da ya rage shi ne zafin ruwan da za ka zuba. Da asubahin hunturu, fulawa 18, ɗaki 18, sai ya rage 42, wato ruwa mai ɗumi sosai, kuma da ya haɗu da fulawa mai sanyi zai sauka. Da yammacin bazara a Sakkwato ko Maiduguri, fulawa 35, ɗaki 36, abin da ya rage 7 ne kacal. Wannan ruwan ƙanƙara ke nan. Shi ya sa za ka ga ana zuba ƙanƙara a kwaɓin burodi da bazara, musamman inda ake amfani da inji, domin inji ya fi hannu ɗumama kwaɓi nesa ba kusa ba.

Idan babu ma'aunin zafi, akwai dabarar gauraya. A hunturu, ruwan randa yana wajen digiri 18. Kofi ɗaya na tafasasshen ruwa a kan kofi uku na ruwan randa zai ba ka kusan 38. A gauraya tukuna, a taɓa, sannan a zuba yis.

Ina za a ajiye kwaɓin?

A hunturu abokan gaba biyu ne, sanyi da bushewar iska. Daɓen siminti yana zuƙe ɗumin roba ta ƙasa, don haka a ɗora ta a kan kujera ko buhu, a lulluɓe da bargo. Iskar hunturu kuma tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo, ɓawon ya hana shi buɗewa. A rufe da murfi ko leda ko tsumma mai laima, a bar masa sararin da zai ninka.

Wuraren da suka fi dacewa su ne gefen murhu bayan an janye wuta, ko cikin babbar roba mai ruwan ɗumi da aka zaunar da ƙaramar a ciki, ko cikin oben da yake a kashe tare da kwanon ruwan zafi a ƙasansa. Hantsin hunturu ma yana taimakawa idan robar a rufe take kuma ana leƙawa. Ranar bazara kuwa a guje mata. Baƙar tukunya a tsakar gida da tsakar rana tana iya dafa gefen kwaɓi ya mutu, tsakiya tana nan da ranta. Da bazara inuwa ake nema, da rage yis, da yawan dubawa.

Kada a dogara da agogo kaɗai. A shafa gari a yatsa a danna kwaɓin burodi. Idan ramin ya cike nan take, da saura. Idan ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, ya yi. Idan ya zauna yadda yake, ko gefensa ya rufta, an makara. Kwaɓi mai ruwa irin na fanke kuwa, a duba ya ninka, samansa ya yi ƙananan idanu, idan an ja ya yi zare-zare.

Ƙullun masa da na sinasir suna da nasu hali. Saboda suna daɗewa a ajiye, bakteriyar tsami ma tana aiki tare da yis. Da zafi ya yi yawa sai tsamin ya riga tashin, shi ya sa ƙullun da ya kwana lafiya a hunturu yake wayar gari da tsami mai kaifi a bazara, har sai an nemi ruwan kanwa a kashe shi. Maganin shi ne a rage masa lokaci ko a kai shi wuri mai sanyi-sanyi.

Madara: daga 40 zuwa 45

Yanzu mu koma ga madara. Bakteriyar yogot masu son zafi ne. Sun fi aiki tsakanin digiri 40 da 45, kuma 43 ne tsakiyar da masu sana'ar ke nema. A nan madara takan kwanta cikin awa 4 zuwa 8. Idan ta sauko wajen 35 za ta yi, amma a hankali, sau da yawa kuma ba kauri, wani lokaci har da yauƙi. Ƙasa da 30 aikin yana ja sosai. Idan kuma ta haye 46 zuwa 48, sai ta kwanta da gaggawa, ta yi tsaki-tsaki, ta tsatso da ruwa. Daga 50 zuwa sama irin ya fara mutuwa.

Mai karatu zai ce, ai matan Fulani suna kwantar da kindirmo a ƙwarya ba ma'auni ba bargo. Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Irin da ake ɗiba daga kindirmon jiya tarin ƙwayoyi ne iri-iri, da yawansu sun saba da zafin ɗaki, kuma ana ba su dare guda cur. Ƙwarya da faifai suna riƙe ɗumin madarar na wani lokaci, yanayin ƙasarmu ya ƙarasa sauran. Duk da haka su ma sun san nono ya fi jinkirin barci a hunturu, ya fi saurin tsami a bazara. Amma wanda ya ɗauko iri daga yogot na kanti ya ɗauko masu son zafi ne, dole ya ba su zafinsu.

Bari mu bi lita ɗaya daga farko har ƙarshe, a daren hunturu, lokacin da abin ya fi wuya.

Idan madarar shanu ce, a ɗora ta a wuta ana juyawa har ta kusa tafasa, gefenta yana kumfa, wajen digiri 85 zuwa 90, a bar ta a haka kamar minti 10. Wannan dafuwar aiki biyu take yi. Tana kashe ƙwayoyin cuta da ɗanyar madara ke iya ɗaukowa, irin su na tarin fuka, tana kuma sauya furotin ɗin madara yadda zai riƙe ruwa, yogot ya fito da kauri. Sannan a sauke, a zaunar da tukunyar cikin ruwan sanyi har ta sauko 45.

Idan madarar gari ce, kamar gram 150 ya isa lita ɗaya. A nan ma dabarar gauraya tana aiki, amma ma'aunin ya sauya. Kashi ɗaya na tafasasshen ruwa a kan kashi biyu na ruwa mai digiri 18 yana ba da kusan 45. Da damina, lokacin da ruwa ke wajen 25, kashi ɗaya a kan uku ne zai ba da kusan 44. Ruwan sanyin ya zama wanda aka tafasa ya huce, domin duk abin da ke cikinsa shi ma zai sami ɗumin da yake so.

Gwajin yatsa shi ne a wanke hannu sosai, a tsoma ƙaramin yatsa, a ƙirga goma a natse. Idan ka ji zafi a fili amma ka iya kaiwa goma ba ka janye ba, ta yi. Idan ka janye a huɗu ko biyar, a ƙara jira. Idan ba ka ji komai ba, ta huce da yawa, a ɗan mayar da ita wuta. Wanda yake yi don sayarwa ya sayi ma'aunin zafin girki mai tsinken ƙarfe. Na auna zazzaɓi ba ya kaiwa inda ake buƙata, na gilashi kuma haɗari ne a cikin abinci.

Sai iri. Babban cokali biyu na yogot mai rai, marar sukari idan an samu, ya isa lita ɗaya. A fito da shi daga firji tun da wuri, a dama shi da ɗan madarar a kofi, a juye a gauraya sau ɗaya. Yawan iri ba ya ƙara kyau, tsami da tsaki yake kawowa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi faɗuwa a kansa. Lita ɗaya a buɗaɗɗen kwano, a ɗaki mai digiri 18, ba za ta yi awa biyu ba ta sauko ƙasa da inda ake so. Abin da ya fi komai sauƙi a gidajenmu shi ne kular abinci. A ɗauraye ta da ruwan zafi ta ɗauki ɗumi, a zubar, a juye madarar, a rufe, a naɗe da bargo. Idan kular babba ce, a sa madarar a roba mai murfi a zaunar a ciki, a kewaye ta da ruwa mai zafin da yatsa ke jurewa. Daga nan kada a taɓa, kada a girgiza, kada a buɗe sai bayan awa 6. Kowace buɗewa ɗumi ne ke fita, kowace girgiza kuma tana karya kwanciyar da ta fara.

Bayan awa 6 a karkata kular a hankali. Idan madarar ta motsa a dunƙule ta rabu da gefe, ta yi. Mai son ƙarin tsami ya ƙara awa ɗaya ko biyu. Sannan a kai ta firji, domin muddin tana cikin ɗumi tsamin ba zai tsaya ba. Sanyin kuma yana ƙara mata kauri. Sukari da kayan ƙamshi sai bayan nan. Da bazara, a ɗakin da ya kai 35 zuwa 38, rufe tukunya da tawul ya wadatar, kuma a fara dubawa tun awa 4.

Idan ba ta yi ba

Kowace gazawa tana da alamarta. Madarar da ta wayi gari ruwa, ba tsami ko kaɗan, irinta ne ya mutu, ko dai an zuba shi tana da zafi ko kuwa dama matacce ne, domin akwai yogot na kanti da ake dafawa bayan an haɗa don ya daɗe. Haka kuma madarar saniyar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta kwanciya, saboda ragowar maganin yana kashe irin. Wadda ta yi ɗan tsami amma ba kauri, ɗumi ne ya gudu da wuri. Wadda ta rabu, gudaji da ruwa mai ɗorawa-ɗorawa, da tsami mai kama haƙori, zafi ne ya yi yawa ko lokaci ya zarce.

Akwai gargaɗi a nan da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ɗumin da irin yogot ke so, ƙwayoyin cuta ma suna son sa. Abin da ke kare madara shi ne tsamin da ke zuwa da wuri ya hana su yaɗuwa. Madarar da ta shafe awa 10 zuwa 12 a cikin ɗumi ba ta yi tsami ba, ko ta yi wari, ko kumfa, ko wani launi, zubarwa ake yi. Kada a ce asara ce a ba yara. Kuɗin lita ɗaya bai kai kuɗin asibiti ba.

Don haka uwargida, da ke mai fanke, da kai mai gidan burodi, kafin a zargi yis ko a canza fulawa, a taɓa ruwan tukuna, a duba inda aka ajiye robar. Kwaɓi a ba shi 25 zuwa 32, ƙasa da zafin jiki. Madara a ba ta 40 zuwa 45, sama da zafin jiki kaɗan, kuma a riƙe mata shi har ta kwanta. A hunturu a lulluɓe, a bazara a nemi inuwa a riƙa dubawa.